Rahoton wata uku na aikin rijiyoyin burtsatse

Rahoton wata uku takarda ce da ƙungiya mai aikin haƙa rijiyoyin burtsatse ke miƙa wa mai ba da tallafi sau huɗu a shekara, inda take jera abin da ta yi alkawarin yi a zangon na wata uku, gefe da gefe da abin da ta aiwatar, sannan ta bayyana dalilin giɓin da ke tsakaninsu. Sau da yawa sai an amince da rahoton kafin a saki kaso na gaba na kuɗin aikin.

Ginshiƙin rahoton shi ne jadawalin kwatanci. Kowane layi aiki ɗaya ne, gefensa kuma akwai adadin da aka tsara, da wanda aka cim ma, da jimillar abin da aka yi tun farkon aikin, da bayani. Ana ɗauko adadin da aka tsara ne daga jadawalin aikin da ɓangarorin biyu suka sa wa hannu, kuma ba a rage shi daga baya don ya dace da sakamako, sai da rubutaccen izinin mai tallafi.

Inda rahoto ya fi yawan karkacewa shi ne wajen ƙirga rijiyar da aka "gama". Rijiya tana bin matakai: binciken ƙasa don gano ruwa, haƙa, zura bututu da zuba tsakuwa, wanke ramin, gwajin yawan ruwa, gwajin ingancinsa, yin daɓe da ɗora famfo, sai miƙa ta ga kwamitin al'umma. Ramin da ya tsaya a mataki na biyu bai shayar da kowa ba. Shi ya sa ake ba kowane mataki layinsa.

A ɗauka, a misali, an tsara rijiyoyi 10 masu famfon tuƙa-tuƙa a zango ɗaya, kowace ta mutum 500. Wannan adadi shi ne mizanin Sphere, wato littafin ƙa'idojin aikin jinƙai na duniya, ga famfon hannu mai ba da lita 17 a minti. Zango ya ƙare an haƙa 8, domin ruwan sama ya hana motar haƙa isa wurare biyu. Cikin takwas ɗin, ɗaya ta fito busasshiya. Wata kuma gwaji ya nuna sinadarin fuloraid da ke cikin ruwanta ya kai miligiram 2.3 a lita, alhali iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya 1.5 ce, don haka ba za a buɗe ta don sha ba. Saura 6, kuma 4 ne kawai aka ɗora wa famfo.

Wanda ya rubuta "an cim ma kashi 80 cikin ɗari" bai yi ƙarya a kan haƙa ba, amma ya ɓatar da mai karatu. Layin haƙa ne ke da kashi 80, layin rijiyoyi masu ruwa mai kyau yana da 60, na waɗanda jama'a ke ɗiba kuwa 40. Masu amfana su 2,000 ne daga cikin 5,000 da aka tsara, kuma ko wannan ƙiyasi ne har sai an ƙirga gidajen da ke zuwa ɗiba.

Daga nan sai a ɗora jadawalin a kan rahoton kuɗi. Idan an kashe kashi 70 na kasafin zangon amma kashi 40 ne ke aiki, wannan kaɗai ba hujjar almundahana ba ce, tunda haƙa da bututu ne ke cinye mafi yawan kuɗin, kuma su ake fara biya. Abin da ya wajaba rahoton ya faɗa shi ne wanda ya ɗauki asarar busasshen ramin. A wasu kwangiloli ana biyan ɗan kwangila bisa mitocin da ya haƙa ko da ba a samu ruwa ba, a wasu kuwa babu ruwa babu biya. A tsari na farko, maye gurbin rijiyar na buƙatar ƙarin kuɗi, kuma gara mai tallafi ya ji tun yanzu da ya ji a ƙarshen shekara.

Gurbin bayani ma yana da ƙa'ida. "Matsalolin sufuri" ba bayani ba ne. Ana son sunan wurin, da makonnin da aka rasa, da sabuwar ranar kammalawa, tare da nuna cewa an ɗage rijiyoyin da suka rage zuwa zango na gaba, ƙari a kan adadin da aka tsara masa.

Mai duba rahoto yana tantance gaskiyarsa ne daga takardun da aka liƙa: kundin haƙa mai nuna zurfi da irin ƙasar da aka ratsa, sakamakon gwajin yawan ruwa, takardar ɗakin gwaji, lambobin GPS, da takardar miƙa rijiya. Yana kuma duba ranar gwajin yawan ruwa, domin wanda aka yi tsakiyar damina, lokacin da ruwan ƙasa ya taso, yana iya nuna fiye da abin da rijiyar za ta bayar a ƙarshen rani. Idan haka ne, rahoton ya kamata ya sanya ranar sake auna zurfin ruwan a cikin ayyukan zangon da rani ya faɗo.