Kira Ga Malaman Wasanni: A Raba Yara Tasha-Tasha Wajen Koyar da Ƙwallon Kwando

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro mai shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 na motsa jiki kullum, irin wanda zai sa numfashinsa ya ƙaru. Mu ma'aikatan lafiya da ke zagaya makarantu a nan Katsina, abin da muke tararwa a darasin ƙwallon kwando daban ne: yara arba'in a layi ɗaya cikin rana, ƙwallo ɗaya, kwando ɗaya. Malam, ka yi lissafin da kanka. In kowace jifa da ɗauko ƙwallo ta ci daƙiƙa 15, jifa 4 ke nan a minti ɗaya, 120 a minti 30. Raba wa yara 40, kowa ya sami uku. Ba wanda zai iya jifa da gwaji uku, kuma ba wanda ya motsa jiki. Rana kawai suka sha.

Maganin wannan shi ne a raba filin tasha huɗu, a shata kowace da alli ko toka. A ce yara 32 ne, takwas ke nan a kowace tasha. Bayan minti biyar na ɗumama jiki, kowane rukuni ya yi minti 6 a tasharsa, a busa usur, a ba su minti ɗaya su sha ruwa su matsa gaba. Cikin minti 33 kowa ya zagaye duka. Ƙwallo biyu a tasha sun wadatar, kuma a tasoshin fasin, wato miƙa wa juna ƙwallo, ko ƙwallon ƙafa aka samu za ta yi.

Tasha ta farko ta fasin ƙirji ce. Yara su tsaya suna fuskantar juna, tazarar mita 3 zuwa 4. Mai bayarwa ya riƙe ƙwallon a ƙirji da hannu biyu, ya taka ƙafa ɗaya gaba, ya tura har hannayensa su miƙe, manyan yatsunsa su ƙare suna kallon ƙasa. Kalmar da za a riƙa faɗa masa gajeruwa ce: "Taka, tura." Ta biyu ta fasin da ke dukan ƙasa ce. Nan kuskuren kusan ɗaya ne kullum, yaro ya buga ƙwallon kusa da ƙafarsa, ta isa wajen abokinsa a mace. Sai a yi alama a ƙasa daidai kashi biyu cikin uku na tazarar, a ce masa "Bugi alamar." Za ta taso daidai ƙugun mai karɓa.

A waɗannan tasoshi biyu ne nake roƙon a fi kula da mai karɓa, domin shi ne ake kawo mana da kumburarren yatsa. Yaron da ya miƙa yatsunsa tsaye suna nuna ƙwallo, a kan yatsan za ta sauka. A koya masa ya buɗe tafukansa a gaban ƙirji, yatsu a ware suna kallon sama, manyan yatsu kusa da juna, in ta taɓa hannun ya janyo ta jikinsa. Kuma a kafa doka: ba a ba wanda bai nuna hannu ba. In an sami targaɗe, don Allah kada a ja yatsan wai a gyara shi. A sa ruwan sanyi ko ƙanƙara a cikin tsumma kamar minti 15, a ɗaure shi da na kusa da shi. In ya karkace, ko kan yatsan ya langaɓe yaron ya kasa miƙe shi, asibiti za a kai shi a ranar.

Tasha ta uku ta koyon jifa ce, ba ta bukatar kwando, kuma ita ce na fi ba muhimmanci. A ja layi miƙaƙƙe a ƙasa, yara biyu su tsaya a kansa, su riƙa jefa wa juna ƙwallon sama da hannu ɗaya, ana so ta sauko kan layin. Ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ƙwallon a kan yatsu ba a tsakiyar tafi ba, gwiwar hannu a ƙarƙashinta. Bayan an saki, hannun ya tsaya a sama, wuyan hannu a karye, kamar mai zura hannu cikin tulun da aka ɗora a kan katanga. Ta huɗu ita ce gaban kwando, amma daga mita ɗaya kacal. Sai wanda ya ci uku a jere zai ja baya taku ɗaya.

Yara za su so su ruga can nesa, su yi irin jifar da suke gani a waya. A hana su da lallami. Bakin kwando na manya tsayinsa mita 3.05 ne, ƙwallon manya mai lamba 7 kuma ta haura rabin kilo. Ɗan shekara 10 ba zai kai ta daga nesa ba sai ya wurgo ta daga ƙugu da hannu biyu, kuma wannan ɗabi'a in ta kama jiki cire ta aiki ne. 'Yan firamare a ba su lamba 5, in da hali a sauko musu da kwandon zuwa mita 2.60.

Wajen gyara ne ake gane malami. Ɗauki yarinya 'yar shekara 11 mai jifa da hannun dama, wadda ƙwallonta ke kaucewa gefe kusan kowane lokaci. Kada ka tsaya a gefenta, koma bayanta ka dubi yadda ƙwallon ke juyawa a iska. Jifa mai kyau baya take juyawa, zanen jikinta na birgima a miƙe. In ka ga tana juyawa a karkace, duba abu biyu. Ko gwiwar hannunta ta fita waje, ko kuma babban yatsan hannun hagu yana taya turawa, alhali aikin wannan hannu tallafe ƙwallon ne kawai. Don ka tantance, ce mata ta mai da hannun hagu bayanta ta jefa sau biyar a kan layi. In ƙwallon ta miƙe, laifin hannun hagu ne. Sai ta dawo da shi, amma ta manne babban yatsan da ɗan nuni, kalmarta kuma ita ce "Hagu ba ya turawa." In har yanzu tana kaucewa, gwiwar hannu ce: ta tsaya gefenta na dama dab da bango ta jefa sama, bangon zai hana gwiwar fita.

Ƙwallon da ta miƙe amma ta kasa isa, matsalar a ƙafa take, a ce "Durƙusa, tashi da ita." Wadda ke tafiya a kwance ta daki bakin ƙarfe, a ce "Jefa sama, ba gaba ba." Faɗin bakin kwando santimita 45 ne, kuma wadda ta sauko daga sama ta fi samun ƙofar a buɗe.

Abu ɗaya ake gyara wa yaro a zagaye ɗaya. In ka haɗa masa ƙafa da gwiwa da yatsu a numfashi guda, ba zai riƙe ko ɗaya ba. Ka faɗi abin da zai yi maimakon abin da ya ɓata, kuma kusa da kunnensa, ba a gaban 'yan ajinsu ba. Tunda ba za ka kasance a wuri huɗu lokaci ɗaya ba, rubuta kalmar kowace tasha a kwali ka jingine, ka naɗa shugaba a kowane rukuni ya riƙa maimaita ta, kai kuma ka tsaya tsakanin ta uku da ta huɗu inda idonka zai kai ko'ina.

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Katsina ke kai maki 40, a yi darasin da sassafe ko bayan la'asar, a sa tashar layi a inuwar dalbejiya in akwai. Yaron da ya ce yana jin jiri ko ciwon kai a fitar da shi nan take, a zaunar da shi a inuwa, a ba shi ruwa, kada ya koma fili a ranar.