Sabuntawar dare ta ɓata mana dashbod, yaya za mu koma na jiya?

Na wayi gari dashbod ɗinmu yana nuna ciniki ya ragu da rabi. Ashe aikin dare ne ya kwashi fayil ɗin da bai gama sauka ba, ya shafe tsohon tebur. Ina muka yi kuskure?

Kun bar aikin dare yana rubutu a kan teburin da dashbod yake karantawa, shi ya sa da ya zuba ɓarna babu abin komawa. Gyaran shi ne kowane dare ya buɗe sabon tebur mai ɗauke da kwanan wata, dashbod kuma a haɗa shi da `VIEW`, wanda ba ya ajiye komai, nuni kawai yake yi zuwa teburin da aka zaɓa. A PostgreSQL, a ce teburin daren 14 ga wata ne ya lalace, komawa na 13 umarni ɗaya ne:

```sql
CREATE OR REPLACE VIEW ciniki AS
SELECT * FROM ciniki_20240313;
```

Ba a kwafar ko layi ɗaya, don haka kafin shayinka ya huce an gama. Sai dai ka tuna abu biyu. Ka dakatar da aikin a `cron`, manhajar da ke tayar da shi a kan lokaci, har a gano musabbabin, in ba haka ba ƙarfe biyun dare zai sake kwaso fayil ɗin nan. Sannan yawancin manhajojin dashbod suna riƙe sakamakon tambayar da suka yi a baya na ɗan lokaci; sai ka sa su sake karantowa, kada manaja ya ci gaba da ganin lambobin banza kai kana cewa ka gyara.

To ai muna ɗaukar kwafin rumbun bayananmu da `pg_dump` kullum. Bai isa ba?

Ku ci gaba da yi, don ranar da faifan sabar ya mutu shi zai cece ku. Amma dawo da shi yana nufin nemo fayil, lodawa a wani wuri da `pg_restore`, sake gina fihirisa, sannan a tsamo teburin da ake so. Ana jiranka a taron ƙarfe tara, wannan hanya ta yi nisa.

Ta yaya za a gane sabuntawa ta lalace kafin mutane su gani?

Nan ne ainihin aikin yake. Tunda sabon tebur yana gefe, ana iya bincikarsa kafin a juya masa `VIEW`. A ce teburin yana tara cinikin shaguna 40, na 13 ga wata yana da layi 182,000, kuma kullum yakan ƙaru da kusan 2,000. Na 14 ya zo da 96,000. Teburin da tarawa yake yi ba ya raguwa, saboda haka aikin ya tsaya nan, ya aika saƙo, dashbod ya kwana a kan na jiya. Bayanan da suka kwana ɗaya sun fi bayanan ƙarya, muddin an rubuta a saman shafin ranar da aka ɗebo su.

Ƙidayar layi kaɗai tana yaudara. Fayil zai iya shigowa sau biyu, ko layuka su cika cif amma gurbin kuɗi ya zo fanko saboda an canja sunansa daga tushe. Don haka a duba jimillar kuɗi, a duba kwanan wata mafi sabo, a kuma ƙirga shagunan da suka bayyana. In 37 ne maimakon 40, akwai waɗanda bayanansu bai iso ba, galibi inda netwok ya yanke.

Kwafi nawa za mu ajiye? Wuri fa?

Ka auna da tsawon lokacin da kuskure yakan ɗauka kafin a lura da shi. Wanda ya rage ciniki da rabi ana ganinsa da safe. Wanda ya karkatar da kashi biyu cikin ɗari sai akanta ya zauna lissafin ƙarshen wata. Ni nakan ajiye na kwana 14, da na ranar ƙarshe ta kowane wata. Tebur mai megabait 200 sau 14 gigabait 2.8 ne kacal. In teburin ya kai gigabait ɗaruruwa, lissafi ya canja: sai a raba shi kwana-kwana a riƙa ajiye ɓangaren da ya sauya kawai.

Wajen share tsofaffi, kada ka taɓa haɗa `DROP TABLE` da `CASCADE`. Idan babu shi, PostgreSQL zai ƙi share teburin da `VIEW` yake dogaro da shi. Idan akwai shi, zai tafi da duka biyun, alhali wataƙila shi ne wanda ka koma kansa makon jiya.

Na gwada komawa, sai ya ce `cannot drop columns from view`.

An ƙara gurbi a sabon teburin, tsohon ba shi da shi. `CREATE OR REPLACE VIEW` yana yarda a ƙara gurbi a ƙarshe, ba ya yarda a rage ko a canja suna ko nau'i. Ka bar `SELECT *`, ka jera guraben da sunayensu, wanda babu shi ka cike shi da `NULL` mai nau'in da ya dace, misali `NULL::numeric AS rangwame`. Dashbod zai nuna wurin rangwame fanko, sauran lambobin kuma daidai.