Ba kullum ƙarancin jini ke sa hannu ya mutu da dare ba

Wata ƙanwata mai kitso ta kwashe wata uku tana shan maganin ƙarin jini, saboda cikin dare hannunta na dama kan tashe ta da tsira-tsira kamar ana soka mata allura. Da na ce ta nuna mini yatsun, sai ta taɓa babban yatsa, manuniya da na tsakiya. Ɗan ƙaramin lafiya lau. Ta ce in ta yarfe hannun sai ya sake.

Wannan ba jini ba ne. Jijiyar laka ce ke matsewa a wuyan hannu, cikin wata 'yar ƙuntatacciyar hanya, kuma barci da hannu a lanƙwashe ke ƙara matse ta. Shi ya sa takalmin hannu mai miƙar da wuyan hannun da dare yake taimakawa.

Ƙarancin bitamin B12 kuwa yakan kama ɓangarorin jiki biyu, dama da hagu, tare, galibi ya fara daga ƙafafu, kuma gwajin jini ke tabbatar da shi. In kuma matsalar daga wuyan mutum take, zafin kan gangaro ta kafaɗa zuwa hannu, ya ƙaru in an karkata kai.

In tsokar gindin babban yatsa ta fara lotsawa, ko kofin shayi na kuɓucewa, a je asibiti, kada a jira.