Jinyar mai shan kemo: zazzaɓi, amai da fitar magani daga jijiya

Sista, an yi wa mahaifiyata kemo na farko saboda sankarar mama. Ta warware, har tana shiga kicin, amma an ce mu fi sa mata ido a mako na biyu. Me ya sa?

'Yar uwa, domin lokacin ne jikinta ya fi zama ba kariya, ko da kuwa a ido garau take. Maganin kemo yana bin duk ƙwayar halittar da ke saurin hayayyafa ne, bai san ta sankara ba, bai san ta ɓargo ba. A ɓargo kuwa ake ƙera fararen ƙwayoyin jini, waɗanda a cikinsu akwai wani kashi da ake kira nutirofil, su ne ke fara tarar ƙwayar cuta idan ta shigo. Nutirofil ba su da tsawon rai a cikin jini, kullum sai an sako sababbi. To idan magani ya taɓa ɓargo yau, na ajiye za su ɗan riƙe ta, sannan su ƙare. Shi ya sa yawansu ke yin ƙasa sosai tsakanin kwana 7 zuwa 14, sannan ya fara farfaɗowa kafin zagaye na gaba, wanda ga masu irin maganin Mama yakan zo bayan kwana 21.

Ki koyi karanta takardar gwajin jininta. A ce an rubuta WBC, wato jimillar fararen ƙwayoyin jini, 1,600, nutirofil kuma kashi 25 cikin ɗari. Rubu'in 1,600 shi ne 400. Wannan 400 ɗin ita ce lambar da muke kallo. Ƙasa da 1,500 an fara ragewa, ƙasa da 500 kuwa hatsari ne babba. Saboda haka ne ake ɗibar jini kafin kowane zagaye, kuma idan yawan nutirofil bai dawo ba likita ya ɗage ranar, wani lokaci ya rubuta allurar filgirastim mai zaburar da ɓargo. Kada ranku ya ɓaci idan an ɗage. Kare ta ake yi.

Idan jikinta ya yi zafi da dare fa? Mu dai mun saba a sha farasitamol da maganin maleriya a ga abin da safe zai yi.

Wannan sabon shi ne ya fi tayar min da hankali a duk aikin nan. Ga mai lafiya, a jira safe ba laifi. Ga wadda nutirofil ɗinta suke 400, ƙwayar cutar da ta shiga jini da isha'i tana iya kai ta ga faɗuwar hawan jini kafin asuba.

Ku sayi ma'aunin zafin jiki, ku daina dogara da bayan hannu a goshi. Idan ya nuna 38 ko sama, ku kama hanyar asibiti a lokacin, ko ƙarfe biyun dare ne. Haka idan ta kama makyarkyata, ko ta rikice tana magana ba kan gado, ko numfashinta ya yi sauri, ko da ma'aunin bai hau ba. Kada a ba ta farasitamol kafin a auna, domin zai danne zafin ya bar cutar tana aiki a ɓoye. Kada kuma a biya ta kyamis. Ba cewa nake ba za ta iya zama maleriya ba, a ƙasarmu dole a gwada ta. Amma a asibiti za a gwada, tare da ɗibar jinin neman ƙwayar cuta, kuma ƙa'idar aikinmu ita ce a fara ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin awa ɗaya da isowarta, ba sai sakamako ya fito ba. Da kun isa, kalmar farko da za ki faɗa ita ce: "Tana shan kemo, yau kwana kaza, tana zazzaɓi." Ki riƙe katinta a hannu. Wannan maganar ce za ta fitar da ku daga layi.

Wani abu da mutane ba su sani ba: mugunya gawar nutirofil ce. Wadda ba ta da su, ƙurji ko ciwo a jikinta ba lallai ya kumbura ko ya tara ruwa ba. Sau da yawa zazzaɓin nan shi kaɗai ne alamar da za a samu.

A gida kuwa, wanke hannu da sabulu ya fi komai, nata da na mai dafa mata abinci da na duk wanda zai taɓa ta. Abinci ya zama dafaffe, mai zafi, na ranar. A cikin makon nan a ajiye nonon da ba a dafa ba, da latas da kabejin da aka yanka a kasuwa, da tsiren da ya jima a tire, da kankanar da aka riga aka fasa. Ruwa a tafasa. Ta goge haƙori da burushi mai laushi, ta kwana cikin gidan sauro, kuma kada a sa mata komai ta dubura, ko magani ko ma'auni. Sai batun 'yan dubiya, wanda na san yana da nauyi. Ɗaki ya cika da mutum goma sha, wannan na tari, waccan da goyo mai mura, kowa sai ya kama hannunta. Ki samu babba a gidan, kawu ko gwaggo, ya ɗauke miki wannan nauyin: a gaisa daga bakin ƙofa, addu'a tana isa daga nan.

An ba ta maganin amai ta sha har kwana uku. Tunda ba ta amai, ba sai mu ajiye shi sai ta fara ba?

A'a, ta sha a kan lokaci. Tare amai ya fi tsayar da shi sauƙi nesa ba kusa ba. Shi ya sa tun kafin a ɗaura kemo, da kamar rabin awa, muke ba da ondansetiron da deksametason, inda hali ya yi a ƙara afirefitan ko olanzafin. Waɗannan suna tare aman ranar farko. Amma akwai wanda ke zuwa a makare, daga rana ta biyu har ta huɗu ko ta biyar, kuma magunguna irin su sisfilatin da saikulofosfamid sun yi suna a kansa. Shi ake tarewa da ƙwayoyin da aka ba ku.

Akwai dalili na biyu. Wadda ta wahala a zagayen farko, jikinta yakan riƙe abin. Na ga matar da tun daga ƙofar ɗakin, da ta shaƙi warin sifirit, zuciyarta ke tashi alhali ba a taɓa ta ba. Irin wannan ba ya jin magani sosai, rigakafinsa shi ne a kyautata zagayen farko.

Ta ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida, kunu ko farar shinkafa ko busasshen burodi, ta nisanci maiƙo da ƙamshin suya, ta riƙa kurɓar ruwa. Ondansetiron yakan taurara bayan gida ya sa ciwon kai, deksametason kuma yana ɗaga suga, mai ciwon suga ta riƙa aunawa. Idan ta yini ruwa ma ba ya zama, ko fitsari ya ragu sosai, ku dawo a yi mata ƙarin ruwa.

Ranar da aka sa mata jan maganin nan, nas ta zauna kusa da ita tana ta tambayar ko tana jin zafi. Mama ta ce ta ɗan ji amma ta yi shiru don kada ta dame ta. Da matsala?

Ki gaya wa Mama, cikin ladabi, cewa a wannan wuri kara ba ta da amfani. Jan maganin sunansa doksorubisin. A cikin jijiya jini yana tsarma shi ya wuce. Idan kuwa allurar roba ta goce ko jijiyar ta fashe ya zuba a cikin nama, sai ya maƙale a ƙwayoyin wurin, wadda ta mutu ta sake shi ga ta kusa da ita. A ranar ɗan kumburi ne da raɗaɗi. Bayan mako ɗaya zuwa uku sai fata ta yi bororo, ta yi baƙi, ta buɗe ta zama gyambon da kan ci har jijiyoyin motsa yatsu, wani sai an yi masa aikin dashen fata.

Shi ya sa muke wahalar da ku wajen neman jijiya. Mun fi son sabuwar allura a tsakiyar sangalin hannu, inda akwai tsoka. Muna guje wa bayan hannu da wuyan hannu da lanƙwasar gwiwar hannu, haka kuma hannun ɓangaren da aka cire kaluluwar hammata. Muna manne ta da filasta mai nuna fata don mu ga wurin. Kafin mu tura, muna ja mu ga jini ya dawo cikin sirinji, muna kuma sake ja bayan kowane 'yan mililita.

Akwai wata baiwar Allah da ba na mantawa da ita. Ina cikin tura mata, na kai wajen rabin sirinji, sai na ga ta ɗan cije leɓe. Na ce, "Hajiya, me kika ji?" Ta ce, "Ba komai 'yata, kamar dai barkono." Na ja sirinji, jini bai dawo ba. Na shafa gefen allurar na ji ya ɗan tasa, ya fi ɗaya hannun tauri. Ja ban gani ba, domin a baƙar fata ja ba ya fitowa da wuri. Wanda ya tsaya jiransa zai makara. Yatsa da bakin mara lafiya su ne idonmu.

Nan take na tsayar. Ban cire allurar ba, ban kuma tura ruwa don wanke ta ba, wannan shi ne kuskuren da hannu ke saurin yi, kuma ƙara watsa maganin yake. Na ɗauko sabon sirinji na zuƙo abin da ya samu, sannan na zare allurar ba tare da na danna wurin ba. Na zagaye kumburin da biro, na rubuta lokaci da yawan abin da nake zaton ya zuba, na kira likita, na ɗora hannun a kan filo. Sai ƙanƙara a cikin tsumma, minti 15 zuwa 20, sau huɗu a rana har kwana biyu, don sanyi ya tsuke jijiyoyi maganin ya tsaya wuri ɗaya. Makarinsa deksirazoksen ne, ana ba da shi ta ɗaya hannun cikin awa 6 na farko, a maimaita kwana uku, a kuma ɗauke ƙanƙarar kafin a ɗaura shi. Yana da tsada, ba kuma ko'ina ake samunsa ba. Ita Hajiya abin da ya zuba kaɗan ne, ta tsira da tabo mai duhu kamar faɗin kwabo.

Ba kowane magani ake wa sanyi ba. Idan binkiristin ne ko danginsa, ɗumi ake sawa tare da allurar hayaluronides a kewayen wurin don a baje shi jiki ya kwashe, sanyi kuwa ƙara masa ɓarna yake. Don haka kada ku yanke hukunci a gida, kada a gasa da ruwan zafi, kada a shafa man zafi ko a murza.

Yanzu ki duba hannun Mama da hasken rana, ki haɗa shi da ɗayan. Idan akwai tauri, ko duhun da babu da, ko zafi in an taɓa, ko bororo, ku kawo ta yau, ba sai ranar da aka ba ku ba. Jan fitsarin da ta yi kwana ɗaya ko biyu bayan maganin kuwa launinsa ne yake fita, ba jini ba ne.