Waiwaye: Yaushe ma'aikacin lafiya zai kai rahoton cuta, kuma me zai rubuta?

A watan Janairun 2006 kaji suka fara mutuwa da dubbai a wata babbar gona da ke Jaji, cikin Ƙaramar Hukumar Igabi ta Jihar Kaduna. Sai a ranar 8 ga Fabrairu duniya ta ji sunan abin, bayan an kai samfur ɗakin gwajin cututtukan dabbobi da ke Vom, daga can kuma aka wuce da shi wani ɗakin gwaji a Italiya. Murar tsuntsaye ce nau'in H5N1, kuma karon farko ke nan da aka tabbatar da ita a Afirka. Tsakanin faɗuwar kazar farko da fitar sanarwa an yi kusan mako huɗu, kasuwannin kaji kuwa ba su daina ci ba. Sha'anin dabbobi yana da tasa hukumar, amma tambayar ɗaya ce da ta asibiti: a wane mataki ne abin da ke faruwa a cikin gida ya zama dole a gaya wa na waje?

Tsohuwar amsa ita ce a duba jerin sunaye. Dokokin lafiya na duniya na 1969 sun fara da cututtuka shida, aka yi ta rage su har ya zama zuwa 1981 saura uku: kwalara, zazzaɓin shawara da annobar da ƙumar ɓera ke yaɗawa. In cuta ba ta cikin ukun nan, babu abin da ya tilasta wa ƙasa ta buɗe baki. Ko tana ciki ma ƙasashe kan yi gum, don sun san da zarar sun ambaci kwalara za a ƙaurace wa kayansu da matafiyansu. A nan gida, ɓarkewar shawara ta 1986 zuwa 1987 ce ta fallasa cewa labari ba ya isa sama da wuri, shi ya sa aka kafa tsarin sanar da cututtuka a 1988, shi ma dai a kan jerin sunaye.

Aibin jeri shi ne ba ya sanin baƙo. Cutar numfashi ta SARS ta nuna haka a 2003, domin babu sunanta a kowace takarda lokacin da ta tsallaka iyakoki. Wannan ya sa aka sake dokokin a 2005, suka fara aiki ranar 15 ga Yunin 2007. An ware cututtuka huɗu da ko mutum ɗaya aka samu sai an sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya: agana, shan-inna na asali wanda ba daga rigakafi ya fito ba, sabon nau'in mura a jikin ɗan Adam, da SARS. Sauran kuwa tambayoyi huɗu ake yi musu. Shin illar ga jama'a babba ce? Abin baƙo ne ko ba a zata ba? Zai iya tsallaka iyaka? Zai iya jawo takunkumin tafiya ko kasuwanci? In biyu suka zama "e", ƙasa tana da awa 24 ta sanar, bayan awa 48 da aka ba ta na tantancewa. Gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara a 2010 ba cuta mai yaɗuwa ba ce, amma ta amsa tambayoyi biyun farko ba tare da gardama ba.

Wannan hukuncin Abuja ne, kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, wadda aka sa wa dokarta hannu a 2018, ita ke magana da yawun ƙasa. Sai dai Abuja ba ta ganin majiyyaci. Wanda ke ganinsa shi ne ma'aikacin ƙaramin asibiti, kuma tsarin sa ido kan cututtuka na IDSR da ofishin Afirka na Hukumar Lafiya ta Duniya ya fito da shi a 1998 ya sauƙaƙa masa: zato kawai ake nema daga gare shi. Ba a ce ya tabbatar ba.

A ɗauka a wani ƙaramin asibiti a Rigasa an kawo mace mai shekara 30, kwana shida tana zazzaɓi, zafin jikinta ya haura 38. Ta sha maganin cizon sauro ya ƙare, an ba ta na kashe ƙwayoyin cuta, babu sauƙi. Yanzu ga ciwon maƙogwaro, ga amai, dasashinta kuma ya fara tsattsafar da jini. Ma'aikaciyar ba ta da na'urar gwada Lassa, kuma ba a buƙatar ta samu. Alamun sun dace da ma'anar "wanda ake zargi", saboda haka sai ta keɓe matar, ta sa safar hannu, ta ɗaga waya ta kira jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, wanda ake kira DSNO, nan take, kada ya wuce awa 24. Shi ke ɗaukar maganar zuwa ga jami'in annoba na jiha, shi ke shirya ɗaukar jini. A Lassa mutum ɗaya da gwaji ya tabbatar ya isa a kira shi ɓarkewa, kuma maganin ribavirin ya fi aiki in an fara shi a kwanakin farko. Duk wanda ya ce bari ya jira ya gani, da kwanakin majiyyaciyar yake caca.

A ganina kiran waya ba shi ne wurin da aka fi faɗuwa ba. An fi faɗuwa a fom ɗin IDSR 001A, wanda ake cike wa kowane majiyyacin da ake zargi. Sau da yawa za ka ga an cika suna da shekaru, an bar ranar da ciwon ya fara, ko an rubuta ranar zuwa asibiti a gurbinta. Bambancin ba ƙarami ba ne. Lassa kan ɗauki har kwana 21 kafin ta bayyana, to daga ranar farawa ake ƙirgawa baya a gano inda matar ta je da wanda ta yi jinya, kuma daga ranar ne ake lissafa waɗanda suka taɓa ta don a bibiye su kwana 21. In an matsar da ranar da kwana shida, kishiyar da ta wanke mata kaya a daren farko ta fita daga lissafi.

Adireshi ma haka. "Rigasa" ba adireshi ba ne, gari ne guda. Jami'in da zai hau babur yana bukatar layi, sunan mai gida, masallaci ko makarantar da ke kusa, da lambar wayar da za a ɗauka. Sai sana'a, da tafiyar da aka yi kwanan nan, da maganin da aka riga aka sha, da ko an ɗauki samfur da ranar ɗauka, da halin da majiyyaci ke ciki: yana kwance, an tura shi gaba, ko ya rasu. Mai rahoton ya sa sunansa da lambarsa. Ya kuma rubuta abin da ya gani da idonsa, ya bambanta shi da abin da dangi suka faɗa. Sunan majiyyaci na jami'an da za su bi sawu ne kaɗai. Ba a jefa hoton fom a zauren WhatsApp na unguwa.

Ba kowace cuta ake yi wa wannan gaggawar ba. Zazzaɓin cizon sauro na yau da kullum a rahoton wata yake shiga. Yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da ƙafarsa ta saki farat ɗaya kuwa na nan take ne, don ana zargin shan-inna, a kuma ɗauki bayan gidansa sau biyu, da tazarar aƙalla awa 24, cikin kwana 14 da fara sakin. Akwai kuma rahoton mako, wanda ake aikawa ko ba a ga kowa ba, a rubuta sifili. Ta haka ne DSNO ke bambance asibitin da bai ga ƙyanda ba da wanda ya daina dubawa, kuma asibitin da ya yi mako uku bai aiko da komai ba shi ya kamata a fara kai wa ziyara.