Mece ce wasiƙar neman inshorar fitar ɗalibai, kuma me ake rubutawa a cikinta?

Duk sa'ad da makaranta za ta kwashi ɗalibai zuwa yawon buɗe ido, ko gidan tarihi ko madatsar ruwa ko gandun namun daji, in tana son yi musu inshora, akwai wata wasiƙa da shugaban makarantar yake aika wa kamfanin inshora kafin a tashi. Ita ake kira wasiƙar neman inshorar fita. A cikinta makaranta take bayyana cewa ga yara kaza, ga waɗanda za su kula da su, ga motocin da za su ɗauke su, ga hanya da ranaku, don haka tana so kamfani ya ɗauki nauyin biyan diyya idan haɗari ya auku.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar wasiƙar a matsayin inshorar kanta. Ba ita ce ba. Wasiƙar bayani ce da kamfani zai duba ya auna haɗarin, ya yanke kuɗin da zai karɓa, ko ma ya ce ba ya yi. Kariya ba ta fara aiki sai an biya kuɗin an kuma karɓi takardar yarjejeniya, ko takardar wucin gadi da ke tsayawa a madadinta. A Najeriya wannan ƙa'ida ce mai ƙarfi: tun daga ranar 1 ga Janairun 2013 hukumar kula da kamfanonin inshora, NAICOM, ta tsaurara aiki da dokar cewa in ba a biya ba, babu kariya. Makarantar da ta aika wasiƙa ranar Litinin, ta tashi ranar Laraba da niyyar za ta biya in an dawo, ta yi tafiyarta ne babu inshora ko ta sisin kwabo.

Abin da ya sa wasiƙar take da nauyi shi ne, a harkar inshora kamfani bai ga yaran ba, bai ga motar ba, bai san direban ba. Maganar makaranta ya dogara da ita. Shi ya sa doka ta ɗora wa mai neman inshora nauyin faɗin duk abin da zai iya sauya ra'ayin kamfani game da karɓar haɗarin ko yawan kuɗinsa. Idan aka ɓoye irin wannan abu, ko aka faɗe shi ba daidai ba, kamfani na da hujjar ƙin biya ranar da aka je neman diyya. Kuma a ranar, wasiƙar nan ce farkon abin da za a zaro daga fayil.

Mu ɗauki misali. A ce wata makarantar sakandare a Kano za ta kai 'yan aji uku na ƙaramar sakandare gandun dajin Yankari da ke jihar Bauchi, kwana biyu. Hanyar da aka saba bi ita ce ta Wudil, Birnin Kudu, Ningi, zuwa garin Bauchi, sai a hau titin Gombe a karkata a Dindima, a shiga ta ƙofar Mainamaji har masaukin Wikki. Tafiya ce da ta haura kilomita 400, wato za ta ci mafi yawan yini. Galibi da Turanci ake rubuta wasiƙar, amma zuciyarta ga yadda take:

"Ranka ya daɗe, muna neman inshorar haɗari ta rukuni ga mutum 61: ɗalibai 54, maza 30 da mata 24, 'yan shekara 13 zuwa 15, da malamai 6 da ma'aikaciyar jinya 1. Za mu tashi daga harabar makaranta ranar Talata da ƙarfe 7 na safe, mu dawo ranar Alhamis kafin ƙarfe 5 na yamma. Muna so kariyar ta fara daga shigar yara mota har miƙa su ga iyayensu. Jerin sunaye da ranakun haihuwa yana haɗe."

Lura da cewa adadin bai tsaya a kan ɗalibai ba. Makarantu da yawa sukan rubuta yara 54 su manta da manya, sai haɗari ya ritsa da malami a tarar sunansa ba ya cikin jeri. Ga kuma matsalar yaron da aka ƙara a daren tafiya saboda mahaifinsa ya kawo kuɗi a makare. Inshorar rukuni irin wannan bisa sunaye take aiki. Wanda ba ya cikin jeri ba ya cikin kariya, ko da kujerar wani da ya fasa ya zauna. Maganin kuwa mai sauƙi ne: a aika wa kamfani gyara a rubuce kafin mota ta tashi, a kuma riƙe amsarsa.

Sai batun kulawa. Malamai 6 ga yara 54 na nufin kowane malami yana da yara 9, kuma a takarda lissafin ya yi kyau. Amma ma'aikacin kamfani da ya san aikinsa ba zai tsaya nan ba. Zai so ya san malamai nawa ne a kowace mota, mata nawa ne za su kwana da 'yan mata 24 ɗin, wa ke riƙe da akwatin agajin gaggawa, da asibitin da za a nufa in abu ya faru. Daga Wikki, babban asibitin da za a ambata shi ne na koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi, kuma ba kusa yake ba. Faɗin hakan a wasiƙa gaskiya ce da ke amfanar makaranta, domin ita za ta sa a tattauna ko inshorar ta ƙunshi kuɗin ɗaukar majinyaci.

A nan ne kuma ake yin shirun da ya fi kowane tsada. Kowa ya san abin da ke kai yara Yankari ba giwaye kaɗai ba ne. Akwai ruwan Wikki mai ɗumi, wanda zafinsa ke tsayawa wajen digiri 31 rani da damina, kuma da wuya a je da yara 54 a hana su shiga. Idan wasiƙa ta ce "ziyarar ilimi da kallon namun daji" kawai, ba ta ambaci wanka ba, to an ɓoye haɗarin da ya fi girma bayan na hanya. A rubuta ƙarara cewa za a shiga ruwa ko ba za a shiga ba. In za a shiga, yara nawa ne a lokaci guda, a wane gefen mara zurfi, kuma malamai nawa ne suka iya iyo da za su tsaya a bakin ruwa. A ganina gara kamfani ya ƙara kuɗi, ko ya ce ya cire wanka daga cikin kariya makaranta ta san matsayinta, da a yi ta zaton an rufe abin da ba a rufe ba. Haka ma zagayen cikin daji, wanda galibi a motocin gandun ake yinsa ba a bas ɗin makaranta ba. Shi ma a faɗe shi.

Ɓangaren sufuri shi ne inda lissafi kan tona asiri. A ce makarantar ta rubuta cewa ta ɗauki hayar Kosta biyu, kowace mai ɗaukar fasinja 29 ban da direba. Kujeru 58 ke nan, mutane kuwa 61. Mutum uku ba su da wurin zama, wato da hannunta makaranta ta rubuta cewa za ta yi lodi fiye da ƙima. "Ai yara ne, sai su matsa" magana ce ta tasha, kamfanin inshora ba ya jin ta. Ko dai a ƙara ƙaramar bas ta uku, ko a rage mutane. Bayan adadin kujeru, wasiƙa za ta kawo lambar kowace mota, sunan kamfanin da ya ba da haya, ajin lasisin direbobi, da tabbacin cewa ba za a yi tafiyar dare ba. Idan motocin na da na'urar taƙaita gudu, wadda hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara tilasta wa motocin haya a 2017, a ambata.

Wani zai ce, to ai motar tana da inshorarta, mene ne na wata kuma? Abubuwa biyu ne daban. Inshorar dole ta mota tana biyan wanda motar ta cutar ne, bayan an tabbatar alhakin yana kan direba ko mai motar, kuma hakan kan ɗauki lokaci. Ita kuwa inshorar haɗari ta rukuni tana biyan adadin da aka amince da shi ba tare da neman mai laifi ba, ko a mota abin ya faru ko yaro ne ya zame a bakin ruwa ya karye. Duk da haka dole a duba ta motar. Takardun bogi sun yi yawa, kuma ana iya tantancewa ta danna *565*11# a waya a shigar da lambar mota. A kuma duba ko an yi mata inshorar ne a matsayin motar haya, don motar da aka rubuta ta amfanin gida ce, aka ɗauko ta haya, ta saɓa sharaɗin takardarta.

Wasiƙar takan rufe da adadin diyyar da ake nema wa kowane mutum: kaza idan an rasa rai, kaza idan an samu naƙasa ta dindindin, kaza na kuɗin magani. Na maganin shi aka fi buƙata, shi kuma aka fi rainawa wajen rubutu. A nan akwai iyaka da ya kamata iyaye su sani. Inshorar haɗari ba ta rashin lafiya ba ce. Yaro mai sikila ko asma da ciwonsa ya tashi a hanya ba haɗari ne ya same shi ba a ma'anar yarjejeniyar, sai fa in an nemi ƙarin kariya tun farko. Don haka a faɗi yawan yaran da ke da irin waɗannan larurori, da izinin iyayensu, a tambaya a rubuce ko suna ciki.

Makarantun da ba su natsu da inshorar gargajiya ba saboda dalilin addini suna iya aika wasiƙar ga kamfanin takaful, irin su Jaiz Takaful ko Noor Takaful. Tsarin kuɗin ya bambanta, tunda gudummawa ce ake zubawa a asusun taimakon juna, amma bayanan da ake nema da wajibcin faɗin gaskiya duk ɗaya ne.

A aika wasiƙar da wuri, kamar mako biyu ko uku kafin tafiya, don a samu sararin amsa tambayoyi da biyan kuɗi. Idan takardar yarjejeniya ta iso, a ɗora ta kusa da wasiƙar a gwada layi-layi: ranaku, adadin mutane, wanka, da jerin abubuwan da aka cire. A nemo sakin da ya faɗi wa'adin sanar da kamfani idan haɗari ya faru, domin kowace yarjejeniya da nata, kuma jinkiri kaɗai kan iya jawo gardama. Malamin da ke jagorantar tafiyar ya riƙe kwafi a jakarsa tare da lambar wayar kamfanin. In mota ta lalace a Ningi aka sauya wata, ko aka makara har za a ƙara kwana, ya aika saƙo nan take da lambar sabuwar motar ko sabuwar ranar dawowa, kuma kada ya goge amsar da aka ba shi.