Mene Ne Inbois, Kuma Me Kwastan Ke Nema a Cikinsa?

Duk ɗan kasuwar da ke Nima ko Sabon Zango a Accra da ya taɓa jiran kwantenarsa a tashar jiragen ruwa ta Tema ya ji ejan ɗinsa na cewa, "Alhaji, turo mini inbois." Da yawa daga cikinmu kallon rasit muke yi masa. Ai ya fi rasit nauyi nesa ba kusa ba. Inbois takarda ce da mai sayarwa ke rubuta wa mai saye, tana bayyana wane ne ya sayar, wane ne ya saya, wane irin kaya ne, nawa ne adadinsu, a wace ƙasa aka ƙera su, nawa ne farashin kowane guda da jimillarsa, da kuma wane kuɗi aka yi cinikin da shi. A kanta jami'in kwastan ke ɗora lissafin haraji. Ta bambanta da furofoma, wadda tayin farashi ce kawai kafin ciniki ya faɗa.

Abin da ya fi cinye wa mutanenmu kuɗi haruffa uku ne da ake rubutawa kusa da jimilla. Idan aka rubuta FOB, farashin ya tsaya ne a kan ɗora kaya cikin jirgi a can ƙasar mai sayarwa. Idan CIF ne, an riga an haɗa kuɗin jirgi da inshora har zuwa Tema. Kwastan na Ghana kuwa da CIF suke lissafi.

Mu ɗauki misali. Wata Hajiya ta sayo takalma katan 400 daga China, kowane katan dala 25, jimilla dala 10,000 a kan FOB. Harajin shigo da kaya na bai-ɗaya na ƙasashen ECOWAS hawa biyar ne: kashi 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Mu ce kayanta na cikin hawan kashi 20. Ita a ranta dala 2,000 za ta biya. Amma jami'i zai ƙara kuɗin jirgi dala 1,500 da inshora dala 100, darajar kayan ta zama dala 11,600, haraji ya koma dala 2,320. Daga nan sai VAT da sauran kuɗaɗe su hau, su ma daga wannan darajar ake fara ƙirga su. Ba wanda ya zalunce ta a nan, lissafinta ne ya bar kuɗin jirgi a waje. Da kuma cinikin CIF ne amma mai sayarwa ya manta bai rubuta ba, tana iya biyan haraji a kan kuɗin jirgi sau biyu.

Sai maganar bayanin kaya. Rubuta "takalma" kaɗai bai isa ba, domin lambar HS, wadda ita ke yanke hawan haraji, ta raba takalmin fata da na roba da na yadi. A rubuta na maza ne ko na mata, da me aka yi samansa, da me aka yi tafinsa, ƙafa nawa ne a katan.

Jami'i ba ya karanta inbois shi kaɗai. Tun 2020 ta tsarin kwamfuta na kwastan mai suna ICUMS ake shigar da takardu, kuma ana jera inbois da takardar jerin kaya da takardar jirgi a kwatanta. Idan inbois ya ce katan 400, takardar jerin kaya ta ce 420, ko sunan mai karɓa ya sha bamban da na takardar jirgi, to sai an nemi bayani, wataƙila a buɗe kwantena a ƙirga. Kwanakin alfarma da kamfanin jirgi ke bayarwa a riƙe kwantena kyauta kuwa suna ƙarewa, kuɗin jinkiri ya fara hawa kullum. Shi ya sa nake roƙon 'yan uwa su sa a turo musu takardun nan uku su duba kafin jirgi ya taso, lokacin da gyara bai wuce saƙo ɗaya a waya ba.

Akwai kuma shawarar da wasu masu sayarwa ke bayarwa, wai a rage farashi a takarda don haraji ya yi sauƙi. Wallahi tana ba ni tsoro. Kwastan na da farashin da wasu suka shigo da irin kayan nan. Idan naka ya yi ƙasa sosai, za a nemi shaidar biyan kuɗi ta banki. Hajiya da ta tura dala 10,000 amma inbois ya ce 6,000 ba ta da abin nunawa. Doka ta ba jami'i damar ajiye farashinta ya ɗauki na kaya iri ɗaya ko makamantansu, ga tara a kai. In kuma kayan suka lalace a teku, da wuya inshora ta biya fiye da darajar da aka bayyana mata a takarda.